Rasit ba ya cika cikin yaro

1/ Duk mai kare shirin ciyar da ɗalibai da cewa "ai takardu sun cika", zo mu zauna. Rasit na nuna kuɗi sun fita ne kawai, ba ya nuna yaro ya ci.

2/ A 2016 aka ƙaddamar da shirin na tarayya: 'yan aji 1 zuwa 3, ₦70 kowane yaro a rana. Tambaya uku ya kamata odita ya yi.

3/ Tattali: nawa aka sayi kwanon shinkafa, nawa yake a kasuwar garin ranar?

4/ Kuɗi da aiki: a ce rajista yara 300, masu zuwa 180. An biya ₦21,000 kullum, ₦8,400 na yaran da ba su zo ba ne. Ina suka shiga? Odita ya faɗo makaranta ba sanarwa, ya ƙirga kawuna da faranti.

5/ Biyan buƙata: a kira suna da safe, a sake bayan tara. In aji ya watse da gama cin abinci, an ciyar amma ba a yi karatu ba.

6/ Don Allah mu daina tafa wa rasit. Mu nemi rahoton da ya amsa ukun nan, a wallafa kowa ya gani.