Dariyar Da Ake Yi Tare

Da yawa daga cikinmu, ɗalibai da sababbin ma'aikata, mun ɗauka cewa mai gidan kirki shi ne wanda ba ya sakin fuska, kada matarsa ta raina shi. Mu kam muna ganin wannan kuskure ne, kuma akwai binciken da ya goyi bayanmu.

A shekarar 1998 Farfesa John Gottman na Jami'ar Washington a Amirka da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bin diddigin sababbin aure 130 har tsawon shekara shida. Akan zaunar da miji da mata na minti goma sha biyar su tattauna abin da ya saba haɗa su faɗa, ana ɗaukar hotonsu, ana kuma auna bugun zuciyarsu. Auren da ya ɗore cikin daɗi shi ne wanda, ana tsakiyar gardama, ake samun raha da nuna ƙauna. An lura cewa barkwancin matar yakan kwantar da bugun zuciyar mijin. Gottman ya yi bayani cewa idan bugun ya haura ɗari a minti ɗaya, da wuya mutum ya saurari magana, sai dai kare kai.

Amma fa ba kowace dariya ce magani ba. Gottman ɗin nan ya gano cewa raini, wato gatse da ba'a, shi ne ya fi komai nuna auren da zai mutu. A 2017 kuma Jeffrey Hall ya tattara bincike 39, ya ga cewa dariyar da ma'aurata ke yi tare ta fi iya barkwancin mutum ɗaya tasiri.

A misali, mai gida ya manta da cefane karo na uku. Idan ya ce, "Uwargida, gobe sai ki rataya mini kwandon a wuya," suka yi dariya, sa'an nan suka tsai da ranar kasuwa, wasan ya yi aikinsa. Idan kuwa ya ce, "Ai ko na sayo, miyar ba ta canzawa," ya zage ta ke nan. Alamun biyu ne: shin su biyun suka yi dariya? Shin sun koma kan maganar, ko an binne ta?

Gaskiya ne binciken Amirkawa ne, kuma yana yiwuwa daɗin auren ne ke haifar da dariyar. Duk da haka mu da muka tashi muna ganin wasan taubasai yana kashe wutar rikici bai kamata mu yi mamaki ba. Abin tambaya shi ne, don me muke wasa da ɗan kawu, mu shiga gida mu ɗaure fuska?