Amsar Da Ba Daidai Ba Ita Ke Tona Asirin Mai Ekspo

'Yan uwa ɗalibai, lokacin jarrabawa ya matso, kuma mun san maganar da ke yawo a ɗakunan kwana da bayan aji: wai akwai masu kawo tambayoyi tun daren jarrabawa, a biya kuɗi kaɗan a shiga zauren waya a samu. Masu tallar wannan haja suna cewa idan mai sa ido bai kama ka da takarda a aljihu ba, shi ke nan ka tsira. Mu a ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta mun ce wannan magana ƙarya ce. Yawancin binciken ana yin sa ne bayan an tattara takardu an kulle ɗaki, kuma takardar amsarka ita ce shaidar da za a kafa a kanka.

Mu ɗauki misali da tambayoyin zaɓi, masu A, B, C da D. Ɗalibai biyu masu ƙoƙari za su iya dacewa a kan amsoshi na daidai, wannan ba abin mamaki ba ne, domin amsar daidai ɗaya ce. Amma amsar kuskure uku ce a kowace tambaya. Idan mutum biyu sun faɗi tambaya ɗaya ba tare da haɗa baki ba, yiwuwar su zaɓi kuskure iri ɗaya kamar 1 cikin 3 ne. Idan sun faɗi tambayoyi biyu a kan harafi ɗaya, ya zama 1 cikin 9. To a ce tambayoyi 12 suka faɗi, kuma a dukansu harafin da wannan ya zaɓa shi wancan ya zaɓa. Ninka 3 har sau 12, za ka samu 531,441. Wato sau ɗaya cikin fiye da rabin miliyan irin wannan zai faru bisa dace. Gaskiya ne wasu amsoshin kuskure sun fi wasu jan hankali, kuma masana lissafin jarrabawa suna cire wannan kafin su yanke hukunci, amma ko an rage, adadin yana nan da girmansa.

Yanzu ku tuna wanda ke warware tambayoyin ekspo. Wani ne da ke sauri cikin dare domin ya tura kafin gari ya waye, kuma dole ya yi kuskure a wasu wurare. Duk wanda ya haddace amsoshinsa ya haddace har da kurakuransa. Washegari ɗalibai 40 a cibiya ɗaya, ko ɗaruruwa a garuruwa daban daban da ba su taɓa ganin juna ba, za su faɗi tambayoyi iri ɗaya a kan harafi ɗaya. Na'urar da ke duba takardun zaɓi tana iya fito da wannan. A ɓangaren rubutu kuma, malamin da ke maki zai ga jimla ɗaya da kuskuren rubutu ɗaya suna maimaituwa daga takarda zuwa takarda, ya kai rahoto. Shi ya sa ake riƙe sakamakon ɗalibai a WAEC da NECO har sai kwamiti ya zauna ya duba, kuma hukuncin kan kai ga soke darasi ɗaya, ko sakamakon gaba ɗaya, ko hana zama jarrabawar na wasu shekaru.

Jarrabawar kwamfuta, irin wadda JAMB ta koma kacokan tun 2015, tana barin wata sawu kuma. Kwamfuta na iya ajiye tsawon lokacin da mutum ya ɗauka a kan kowace tambaya. Tambaya mai dogon bayani da ke buƙatar minti biyu, idan aka amsa ta daidai cikin daƙiƙa goma, aka kuma maimaita haka sau da yawa, an san mai amsar bai karanta ba, ya gane ta ne kawai. Wasu hukumomin kuma suna cusa sababbin tambayoyi da ba a taɓa fitarwa ba a cikin tsofaffi. Wanda ya san darasin makinsa a ɓangarorin biyu zai yi kusa da juna. Wanda ya haddace tambayoyin sata zai cinye tsofaffin, ya zube a sababbin.

Wannan ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A watan Janairun 2024, hukumar da ke shirya jarrabawar USMLE, wadda sai likita ya ci ta kafin a ba shi lasisin aiki a Amurka, ta sanar da soke sakamakon mutum fiye da 800, yawancinsu masu alaƙa da ƙasar Nepal. Ba a ɗakin jarrabawa aka kama su ba. An duba bayanai ne aka ga maki ya yi yawa fiye da kima, amsoshi sun yi kama da juna har da na kuskure, an kuma amsa tambayoyi masu wuya cikin saurin da hankali ba zai ɗauka ba. Mutanen nan sun gama makarantar likita, sun karɓi sakamako, sun ɗora burinsu a kansa, rana ɗaya aka zare shi daga hannunsu.

Me ya sa hukuncin ke da tsanani haka? Takardar shaida magana ce da hukuma ta faɗa da bakinta, cewa wane ya san kaza. Idan ta gano ba haka ba ne, tana da ikon janye maganarta ko da shekaru sun wuce, domin idan ta bari, takardar kowa ta zama banza. Ga kuma asara: kowace tambaya sai an rubuta ta, an tace, an gwada, kuma da zarar ta fita kasuwa ta mutu. Waɗanda ke shirin neman shaidar ƙwarewa a fannin kwamfuta bayan sakandare su lura da kyau. Kamfanoni irin su Cisco da Microsoft suna sa mutum ya amince da yarjejeniya kafin ya ga tambayar farko, kuma hukuncin da suka tanada ga mai amfani da tambayoyin sata ya kai har ga ƙwace shaidar da ya riga ya samu da hana shi sake zama jarrabawarsu har abada. A nan gida ma, dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta mai da abin laifi da ake iya kai mutum kotu a kansa, da tara ko ɗauri.

Wani zai ce, ai lissafi na iya faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Haka ne. Ɗaliban da malami ɗaya ya koya wa kuskure ɗaya za su iya yin tarayya a amsa biyu ko uku, shi ya sa ba a hukunci da alama ɗaya, kuma ake ba da damar kai ƙorafi. Amma ku lura da inda haɗarin ya fi yawa. Idan ekspo ya mamaye cibiya, zargi kan rufe cibiyar duka, wanda ya kwana yana karatu ya zauna jiran sakamako tare da wanda ya saya. Wake ɗaya ke ɓata gari. Saboda haka abokin da ke turo maka amsa da daddare yana jawo wa ajinku duka.

Ba mu hana kowa nazarin tambayoyin shekarun baya ba, waɗannan an riga an yi su, kuma malamanmu da kansu suna warware mana su. Abin gudu shi ne duk takardar da aka ce ita ce ta gobe. Ko ka leƙa ne kawai domin ka gani, amsoshin za su maƙale a kanka, kuma a ɗakin jarrabawa ba za ka iya raba abin da ka sani da abin da ka leƙa ba. Idan an saka ka a irin wannan zaure, ka fita kafin ka buɗe komai, ka kuma sanar da malamin jarrabawa ko shugaban makaranta. Maki matsakaici da ka samu da guminka babu mai zuwa ya karɓe shi bayan shekara biyar. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya.