Layin da kowa ya sani bai dace ya riƙe albashinka ba

Tun da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da lambar BVN a 2014, sannan Hukumar Sadarwa ta NCC ta umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN a watan Disamban 2020, lambar wayar ma'aikaci ta zama makullin asusunsa. Ta nan banki ke turo lambar OTP, ta nan ake sake lambar sirrin manhaja idan an manta, ta nan kuma ake tura kuɗi da USSD ko da a ƙaramar waya. Banki ba ya ganin fuskar mai danna waya, layin kawai yake gani, kuma duk wanda layin ke hannunsa shi ne mai asusu a wurinsa. Ra'ayina shi ne, duk ma'aikacin da ya bar albashinsa rataye da lambar da ke kan katin ofishinsa ya ajiye makulli a bakin ƙofa.

Damfarar sauya sim ba ta buƙatar a taɓa wayarka. Hanyar da aka tanada domin wanda ya yar da layinsa, wadda aka fi sani da walkam-bak, ita ɓarawo ke bi. Yana zuwa a matsayin kai, ya ce layinsa ya ɓata, a ba shi sabon sim mai ɗauke da lambarka, kuma da zarar sabon ya fara aiki naka ya mutu. Ƙa'ida ta ce a nemi NIN, a tantance yatsa ko fuska, a tambayi lambobin da aka fi kira da kuɗin da aka saka na ƙarshe. Wannan shinge ya rage ɓarna, amma mutum ne ke tsaronsa, mutum kuwa ana iya ruɗarsa ko a saye shi. Ko hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Amurka ba ta tsira ba: ta wannan hanya aka ƙwace shafinta na X a watan Janairun 2024, aka wallafa sanarwar ƙarya da sunanta.

A ɗauka ga wani mataimaki na musamman da albashi ya shigo masa ranar Alhamis, asusunsa na da naira dubu 480. Lambarsa na kan takardun halartar taro da yawa, kwafin takardar NIN ɗinsa na kwance a shagon da ya yi hoto a kusa da sakatariya, kuma makon jiya ya cike wani fom na bogi da ya yi yawo a zauren WhatsApp na ma'aikata da sunan tantance IPPIS, ya rubuta ranar haihuwarsa da lambar asusunsa. Ranar Juma'a da ƙarfe biyar da rabi na yamma, yana cikin cunkoson hanyar Kubwa, sai wayarsa ta nuna No service. Bai damu ba, domin ɗaukewar sabis ba baƙon abu ba ne. A daidai lokacin ɓarawo ya danna *565*0# a sabon sim, BVN ta fito masa. Da ita da bayanan fom ya nemi sake lambar sirri, OTP ta sauka a hannunsa, ya fara kwashe kuɗin zuwa asusai uku na aro. Saƙon alat ma wurin ɓarawon yake zuwa, don haka mai kuɗi bai ga komai ba. Da ya je ofishin kamfanin waya ranar Litinin, an riga an cire kuɗin a wurin masu POS, har an ci bashi da sunansa a wata manhajar rance.

Ba a banza aka zaɓi yammacin Juma'a ba: rassan banki sun rufe, kuma mutum na jinkirta bincike zuwa Litinin. Abin da ya halaka mutumin nan shi ne sa'o'in da ya yi yana jiran sabis ya dawo. Gane bambanci ba shi da wuya. Idan na kusa da kai mai layin kamfani ɗaya yana da sabis kai ba ka da shi, ka kashe waya ka kunna bai dawo ba, sai ka ari waya ka kira lambarka. In ta shiga alhali taka ba ta yi ƙara ba, to layin na wani hannu. Daga nan banki za a fara nema kafin kamfanin waya, domin layi ana dawo da shi, kuɗin da ya fita kuwa da wuya. Bankuna na da lambar toshe asusu da ake dannawa daga kowace waya, kamar *966*911# na Zenith da *901*911# na Access. Kowa ya nemi ta bankinsa yau, ya rubuta a takarda ya sa a walat, saboda ranar da za a buƙace ta wayar ba ta aiki.

Maganin da ya fi ƙarfi shi ne raba layi. A sami layi na daban wanda banki da BVN kaɗai suka sani, ba a kira da shi, ba a rubuta shi a fom, ba a buɗe WhatsApp da shi. Mataimakan manya sun fi kowa buƙatar wannan, domin aikinsu ne raba lamba ga duk wanda ya nemi ganin maigida. Sai dai layin ɓoye na da nasa tarko: idan ya yi watanni ba a saka masa kuɗi ko yin kira ba, kamfani na iya rufe shi ya sayar wa wani, alat ɗinka ya koma wurin baƙo. A riƙa taɓa shi duk wata, kuma a ajiye shi a wayar da ake dubawa kullum, in ba haka ba zai mutu ba a lura ba.

Bayan wannan sai a rage ikon layin a kan asusu. Tsarin da Babban Banki ya fitar a 2018 ya taƙaita USSD zuwa naira dubu 100 a rana, sai dai in mai asusu ya sa hannu a ɗaga masa. Masu yawa sun ɗaga don sauƙin ciniki, suka manta. Wanda ke amfani da manhaja ya je reshe ya ce a rufe USSD a asusun albashi ɗungurungum, ya karɓi 'yar na'urar tokin, wadda ke fitar da lamba ba tare da layi ba, kuma ya ce a riƙa turo alat ta imel ma. Lambar PIN ta sim tana da amfani, amma a san iyakarta: tana hana wanda ya fizge waya sa layin a wata wayar, ba ta hana walkam-bak, domin sabon sim da tasa lambar yake zuwa.

Ba zan ɗora wa ma'aikaci dukan nauyin ba. Kamfanin waya ya san daƙiƙar da aka sauya sim, banki kuma na iya tambayarsa. Kamata ya yi NCC da Babban Banki su tilasta cewa duk layin da aka sauya, a dakatar da OTP da USSD a kansa na aƙalla sa'a 48, sai mai asusu ya bayyana da kansa. Za a ce wannan zai wahalar da wanda da gaske ya yar da wayarsa, kuma haka ne, amma jiran kwana biyu ya fi asarar albashin wata sauƙi. Wanda abin ya riga ya auka masa kuwa, ya rubuta wa banki ƙorafi a takarda ya karɓi lambar ƙorafin, ya nemi kamfanin waya ya ba shi rana da wurin da aka sauya layin. Idan mako biyu ya wuce banki bai warware ba, yana da damar kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, ɓangaren layi kuma ya kira NCC a 622, kyauta ne.