Kafin Ka Danna Jan Maɓallin Kyamara, Ɗauki Biro da Takarda

Akwai wani ƙorafi da nake yawan ji a teburin gyara. Mutum zai ajiye min waya ya ce, "Malam duba min, memori ta cika, tana zafi, kuma kyamarar ba ta fitar da bidiyo mai kyau." In muka buɗe Gallery tare sai in ga bidiyo ashirin ko talatin na abu ɗaya, wani minti biyar, wani minti goma, kuma ba ko ɗaya da ya iya ɗorawa. Wani har ya fara tambayata nawa za a ƙara masa ya canja waya.

Ra'ayina a nan, kuma na san wasu ba za su yarda ba: yawancin bidiyon da ke lalacewa a hannunmu, tun kafin a buɗe kyamara suka lalace, saboda mai ɗauka bai san abin da zai ɗauka ba. Ka ɓata minti goma sha biyar da biro da fallen takarda, zai fi maka amfani a kan ƙarin kuɗin da za ka zuba a sabuwar waya.

Ni ma sai da na sha wuya kafin na gane. Na so in yi bidiyon sakan 30 na tallar aikina in sa a WhatsApp Status, yadda nake canja fasasshen sikirin. Sai kawai na jingine wayata a jikin kwalin kayan aiki, na danna, na kama aiki. Ta yi ta ɗauka har wajen minti 25. Da dare na zauna editin, sai na ga bayan hannuna ne ya cika rabin bidiyon, ƙarar janareton maƙwabta ta danne maganata. Babban abin haushin ma, ban ɗauki fasasshen sikirin ɗin a kusa ba kafin in cire shi. Wato babu abin da zai nuna wa mai kallo yadda wayar take da farko. Mai waya kuwa ya riga ya karɓi abarsa ya tafi. Sifes sama da 3GB ya tafi a banza.

To me ya kamata in yi? Abu biyu ne, kuma duka a takarda ɗaya suke shiga.

Na farko shi ne jerin ɗauka, abin da 'yan fim ke kira shot lis. Shot ɗaya shi ne daga inda ka danna maɓalli zuwa inda ka tsayar. Kowane shot layi ɗaya za ka ba shi, ka rubuta abu huɗu: lambarsa, abin da za a gani, nisan kyamara, da sakan nawa zai ci a bidiyon ƙarshe. Nisan kyamara kada ya ruɗa ka, kashi uku ya ishe ka. Na nesa yana nuna wurin gaba ɗaya, na tsakiya yana nuna mutum daga ƙugu zuwa kai, na kusa kuma hannu ko fuska ko kayan kawai.

Ga wanda na rubuta da na sake gwadawa:

1. Fasasshen sikirin, yatsa yana taɓawa ba ya amsawa. Kusa. Sakan 3.
2. Kwastoma yana miƙo waya a gaban shago. Nesa. Sakan 3.
3. Dumama gefen waya da ɗaga tsohon sikirin. Daga sama. Sakan 5.
4. Jona fileks ɗin sabon sikirin. Kusa sosai. Sakan 4.
5. Gwajin taɓawa kafin a sa gam. Daga sama. Sakan 5.
6. Sa gam da ɗaure wayar da roba. Kusa. Sakan 3.
7. Sabon sikirin yana aiki, a daidai wurin da aka ɗauki na 1. Kusa. Sakan 3.
8. Ni a teburi ina faɗin inda shago yake. Tsakiya. Sakan 4.

Ka tara za ka ga 30 cif. Wannan lissafin shi ne amfanin farko. Da na fara rubutawa layi goma sha uku na yi, ya kai kusan minti ɗaya, sai na soke biyar da biro. Sokewa a takarda ba ta cin batir, ba ta cin sifes. Haka in akwai magana, ka rubuta ta, ka kunna agogon gwaji na wayarka, ka karanta da ƙarfi. Jimlar da kake ganin gajeriya ce sai ka tarar ta ci sakan takwas, alhali huɗu ka ware mata.

Na biyu shi ne zanen, wato sitoribod. Ka zana akwati ɗaya ga kowane layi. Amma kafin ka ja layin farko, ka yanke shawara: a tsaye ne ko a kwance? In WhatsApp Status ne ko TikTok ko Reels, akwatinka dogo ne a tsaye, 9:16. In dogon bidiyon YouTube ne, a kwance, 16:9. Wanda bai yanke wannan ba shi ne ke ɗaukar rabi a tsaye rabi a kwance, ya zo editin yana datse kan mutane.

Na san abin da za ka ce: "Ni fa ban iya zane ba." Wallahi ni ma haka. Mutum a wurina da'ira ce da sanda, waya kuma ɗan akwati. In abu zai motsa sai in ja kibiya. Ba wanda zai ga takardar sai kai. Aikin zanen shi ne ya tilasta maka ka tambayi kanka inda kyamara za ta tsaya, kuma a nan matsaloli ke fitowa tun kana zaune.

Misali, da na zo zana akwati na 4, sai na ga in kyamara tana damana, hannun da nake aiki da shi zai rufe fileks ɗin. Sai na mai da ita hagu. A akwati na 3 na gane hannuwana biyu duk suna cikin aiki, ke nan dole in samu abin riƙe waya daga sama ko in roƙi yaron shago ya riƙe min. A akwati na 7 kuma na tuna in wayar ta kunnu hoton iyalin mai ita da saƙonninsa za su bayyana. Don haka na nemi izininsa tun farko, kuma na tsara in nuna shafin danna lambobin kira kawai. Wannan amana ce, bidiyo ɗaya zai iya zubar maka da mutunci a kasuwa. Sannan a kowane akwati nakan ja ɗan layi a sama da ƙasa, saboda a nan manhajojin ke ɗora suna da rubutu da maɓallai. Abin da kake so a gani, bar shi a tsakiya.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Bayan ka gama jerin, ka bi shi ka sa tauraro a duk shot ɗin da ba ya maimaituwa. A wurina na 1 ne, da na 3, da na 6: in ka ɗaga tsohon sikirin ya ɗagu, in ka sa gam ya shiga. A wurin mai girki, ɗanyen kaya ne kafin su shiga tukunya. A wurin tela, yadin ne kafin almakashi ya taɓa shi. A wurin mai lalle, hannun amarya ne kafin zane. Masu tauraro su ne za ka tsaya ka duba haske da fokas, ka kalli gwaji, kafin ka ci gaba.

Kuma ba dole ne ka ɗauka bi da bi kamar yadda za a kalla ba. Na 2 da na 8 na haɗa su lokaci ɗaya da safe, kafin rana ta yi ƙarfi, don hasken ya zo iri ɗaya. Na 7 ya jira gam ya kama. Maganar da ke bin bidiyon a gida na naɗa da dare inda babu hayaniya, na ɗora a CapCut. Duk wanda na gama sai in ja masa layi a takarda, kafin mai waya ya tafi na tabbatar ba layin da ya rage.

Bari mu yi lissafin sifes. Minti ɗaya na 1080p yana cin tsakanin 60MB zuwa 130MB, ya danganta da waya da saitinta, 4K kuma ya kan ninka haka kusan sau uku. Kowane shot na ɗauke shi kamar sakan 10, don in bar rarar sakan biyu-biyu a farko da ƙarshe saboda yankawa, kuma na yi wa waɗanda za su yiwu sau biyu. Duka bai kai minti uku ba, bai kai 400MB ba. Ka kwatanta da 3GB na farko. Wayar ba ta yi zafi ba, editin bai kai rabin awa ba, kuma wayar nan ɗaya ce ban canja ba.

Gaskiya akwai inda masu musu suke da hujja. Biki ko suna ko wasan ƙwallon unguwa ba za ka zana su akwati-akwati ba, domin ba kai ke juya abin ba. A irin wannan ka bar zanen, amma ka riƙe jerin: abu biyar da in babu su bidiyon bai cika ba, kamar isowar ango ko lokacin addu'a. Kuma takarda ba ta hana ka ɗaukar wani abu mai kyau da ya faɗo ba zato, ƙari ne a kan abin da ka riga ka tanada. Haka kuma ba za ta gyara gilashin kyamara da ya ƙarje ba, ko ɗaki mai duhu. Wannan kam ka kawo mu duba, ko ka matsa kusa da taga.

Ta yaya za ka san tsarinka ya yi? Ka miƙa wa ƙaninka ko abokinka takardar, kada ka ce masa komai, ka ce ya faɗa maka labarin. In ya kalli akwatunan ya ce "waya ta fashe, an kawo, an gyara, ga shagon", to ka tashi ka ɗauka. In ya tsaya yana tambaya "wannan kuma mene ne?", to mai kallo ma a nan zai ture bidiyon ya wuce, gara ka gyara yanzu da biro.

Bidiyonka na gaba, ko na turare ne ko na takalma ko na ɗinki, ka gwada akwati shida zuwa takwas a bayan tsohon rasit ma ya wadatar. Ka sa taurarinka, ka goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, sannan ka danna. Allah ya ba mu sa'a, ya sa albarka a sana'o'inmu.