Mai sayar da sakamakon wasa: yadda yake cin wasa uku a jere ba tare da ya san komai ba

Ƙannenmu, duk wanda ke bibiyar shafukan ƙwallo a waya a cikinku ya taɓa cin karo da irin saƙon nan, ko a WhatsApp, ko Telegram, ko Facebook. Da manyan baƙaƙe ake rubuta shi: FIXED MATCH 100% SURE. Mai saƙon yana cewa yana da mutum a cikin wata ƙungiya a Turai, an riga an sayi wasan ranar Asabar, an gama shirya yadda za a tashi. Ka biya shi, ya gaya maka, ka sa kuɗi a caca ka kwashi ninki.

Da yawanmu mukan yi dariya mu wuce. Amma akwai masu wayo sosai da suka faɗa, kuma ba don sakarci ba. Sun faɗa ne saboda mutumin ya ba su sakamako kyauta har sau uku, duka ukun kuma suka fito daidai. To, ta yaya wanda bai san komai ba zai yi haka? Ku ɗauko biro, lissafin bai fi na aji ɗaya na sakandare ba.

Wasan ƙwallo hanya uku yake ƙarewa: masu gida su ci, baƙi su ci, ko a tashi canjaras. Mu ɗauka ɗan damfarar ya tara lambobin waya 2,700 daga zaurukan masoya ƙwallo. Sai ya raba su gida uku. Mutum 900 ya ce musu masu gida za su ci, 900 ya ce musu baƙi, sauran 900 ya ce canjaras. Kowa saƙonsa daban yake samu a asirce, har da gargaɗin kada ya nuna wa kowa. Ko yaya wasan ya tashi, dole gida ɗaya ya dace. Mutum 1,800 da aka ba ƙarya, ya watsar da su, ba zai sake kula su ba.

Mako na biyu sai ya koma kan 900 ɗin nan da suka ga "gaskiya", ya sake raba su uku, 300 kowane gida. Bayan wasa, mutum 300 sun ga ya dace sau biyu. Mako na uku ya sake rabawa, saura mutum 100.

Yanzu ku sa kanku a matsayin ɗaya daga cikin ɗarin nan. Wasa uku, babu kuskure ko ɗaya, kuma ko sisi bai karɓa ba. Ba ku san da sauran mutum 2,600 ba, ba za ku taɓa haɗuwa da su ba. Abin da idonku ya gani gaskiya ne, abin da aka ɓoye muku shi ne yawan waɗanda aka zubar a hanya kafin a iso gare ku. Nan ne ƙarfin dabarar yake, domin mutum ba ya ƙaryata abin da ya gani da idonsa.

A mako na huɗu ake kawo maganar kuɗi. Zai ce wannan babban wasa ne, sai an sallami alƙalin wasa, kowa ya kawo naira 20,000. Ko rabinsu kawai suka biya, mutum 50, ya tashi da naira miliyan ɗaya, jarinsa kuwa kuɗin data ne. Kuma ko a nan bai daina rabawa ba. Kusan mutum 17 za su sake dacewa, su ne zai nemi su kawo 50,000 a mako na gaba, da yawa kuma za su ci bashi su kawo. Sauran da suka faɗi sun yi asara biyu, kuɗin da suka ba shi da wanda suka zuba a cacar. Idan suka yi ƙorafi, amsar a shirye take: mai tsaron gida ne ya saɓa alkawari, a ƙara wani abu kaɗan a ba su wasan ramuwa. Wanda ya matsa da neman kuɗinsa sai a toshe lambarsa.

Hotunan takardun cin caca da suke bazawa ba abin tsayawa a kai ba ne. Canza lamba a hoto aikin minti biyar ne. Wasu kuma sukan wallafa saƙo kafin wasa, su gyara shi bayan an tashi, ko su wallafa uku su goge biyu. Masu godiya a ƙasan saƙon sau da yawa shi ne da wasu layukansa.

Wani zai ce, ai ana sayen wasa da gaske. Ƙwarai kuwa, shi ya sa ƙaryar take shiga. A nan gida ma, a 2013, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema a rana ɗaya da Police Machine ta ci abokiyar karawarta 67 da nema, duk don neman hawa mataki na gaba, kuma NFF ta dakatar da 'yan wasan har abada. Amma misalin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne wasan neman gurbin kofin duniya na watan Nuwamba 2016, inda Afirka ta Kudu ta ci Senegal 2 da 1. Alƙalin wasan, Joseph Lamptey ɗan Ghana, ya ba da fenareti wai ƙwallo ta taɓa hannun Kalidou Koulibaly, alhali a ƙafa ta same shi. FIFA ta kore shi daga alƙalanci har abada a 2017, aka sake buga wasan, Senegal ta ci 2 da nema.

Abin lura shi ne yadda asirin ya tonu. Cikin hujjojin da aka kafa har da rahotannin kamfanonin da ke sa ido kan kasuwar caca, waɗanda suka ga kuɗi na kwarara ta hanyar da ba a saba gani ba, kan cewa za a zura ƙwallaye da yawa. Haka abin yake aiki: da zarar kuɗi sun yi yawa a gefe guda ba dalili, kamfanin caca zai rage ninkin da yake biya, ko ya rufe karɓar kuɗi a wasan gaba ɗaya, sannan a kai rahoto. Ke nan wanda ya sayi wasa da gaske, babban abin da yake tsoro shi ne mutane su sani. Kowane ƙarin mutum yana rage masa riba, yana kuma matso da shi kusa da kurkuku. Mutumin da ya kashe maƙudan kuɗi ya sayi alƙali, me zai kai shi tallata sirrinsa ga ɗan makaranta a kan naira 20,000? Idan yana da tabbas, ai gidansa zai jinginar ya zuba, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ba wai muna nuna muku wata cacar da ta fi wannan tsafta ba ne. Addini ya hana ta, kamfanonin cacar su kansu kuma ba a yarda su karɓi kuɗin wanda bai kai shekara 18 ba. Amma mun san akwai wanda yanzu haka yake riƙe da irin wannan saƙo, ko yayansa yake riƙe da shi, yana lissafin kuɗin jarrabawa. Shi muke roƙo ya yi gwaji ɗaya wanda ba ya cin ko kwabo. Ku haɗu ku shida, kowa ya tura wa mutumin saƙo da lambarsa daban, kamar ba ku san juna ba, ku nemi na kyautar. Kafin a take wasan, ku jera wayoyinku a kan benci ɗaya ku karanta abin da ya gaya wa kowannenku.