Ba leda ce laifin ba

Tirelolin da ke fitowa daga masana'antun Idu ba kaya iri ɗaya suke ɗauka ba, kuma kuskure ne a yi musu kuɗin goro. Tsarin NOVA, wanda masana a Jami'ar São Paulo suka kafa, yana duba yadda aka sarrafa abinci ne. Shinkafar buhu da madarar gari zalla suna rukunin farko. Lemon kwalba da taliyar gaggawa kuwa suna na huɗu, domin an haɗa su da launi, ƙamshi ko sinadaran da babu su a madafar gida. Ma'aikacin da ke karin kumallo a teburin ofis ya juya leda ya karanta jerin kayan haɗi, domin lambar NAFDAC shaidar rajista ce kawai.