Takardar likita ce mabuɗin tallafin masu buƙata ta musamman

A 2007 Jihar Jigawa ta fara biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 a wata, amma har yau da yawa daga masu neman irin wannan tallafi a Najeriya kan tafi ofis hannu rabbana, a sallamo su.

Abin da aka fi tambaya shi ne lambar NIN, hoton fasfo, asusun banki da shaidar likita. Dokar hana nuna wariya ga nakasassu ta 2018 ta tanadi shaida iri biyu. Wanda lalura ta same shi kwanan nan, kamar mai haɗarin mota, likita zai duba shi ya ba shi ta wucin gadi, wadda ba ta wuce kwana 180. Idan lalurar ta zarce hakan, sai hukumar kula da nakasassu ta ƙasa ta ba shi ta dindindin bisa shawarar likita.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne suna. Idan NIN ta ce Muhammadu, banki ya ce Mamman, kuɗin na iya maƙalewa. A daidaita sunan kafin a cike fom.

Muna kira ga gwamnatocin jihohi su kai likitocin tantancewa ƙananan hukumomi, domin kuɗin mota zuwa birni ya fi ƙarfin yawancin masu nema.